Ƙaramar Tashar Lantarki Ta Ƙorama: Awon Ruwa, Gangare Da Bututu

Jawabin wayar da kan jama'a, Minna, Jihar Neja



Jihar Neja ba baƙuwa ba ce ga lantarkin da ake samu daga ruwa. Madatsar Kainji ta fara aiki a 1968, daga baya ƙarfinta ya kai megawat 760, ta Shiroro kuwa, wadda ke kan Kogin Kaduna, a 1990 da megawat 600. Amma ba sai da babban kogi ake samun wuta ba. Tun wajen 1930 kamfanin NESCO ya soma ba ma'aikatan kuza wuta daga magangarar Kura a ƙasar Jos. Ƙorama mai gangarowa daga dutse, irin waɗanda ke cikin tuddan kewayen Minna, tana iya haskaka ƙauye guda, muddin an auna abubuwa uku kafin a kashe ko kwabo: yawan ruwa, zurfin gangare, da faɗin bututun da zai kai ruwan ga inji.

Awon ruwa

A ƙasar Minna ruwan sama yakan fara wajen Afrilu ya ɗauke a Oktoba. Ƙoramar da ke cin gada a watan Satumba, sau da yawa yaro na tsallake ta a watan Maris. Saboda haka da rani ake awo, lokacin da ruwa ya fi ƙaranci, a kuma tambayi dattawan wurin ko ta taɓa ƙafewa. Wanda ya yi lissafi da ruwan damina zai sayi babban inji, ya zauna cikin duhu rabin shekara.

A ɗauki misalin wata ƙorama. An zaɓi wurin da ta miƙe sosai, aka sami faɗinta mita 2, matsakaicin zurfinta kuma mita 0.25, watau kaurin ruwan rabin murabba'in mita ke nan. Aka jefa ɗan itace, ya yi tafiyar mita 10 cikin sakan 25, watau mita 0.4 a kowane sakan. To, ruwan sama-sama ya fi na ƙasa gudu, domin duwatsu na riƙe na ƙasan. A ƙorama marar zurfi mai duwatsu, akan ɗauki kamar shida bisa goma na abin da itacen ya nuna, sai a sami mita 0.24. In an ninka wannan da kaurin ruwan, za a ga lita 120 ke wucewa a kowane sakan. Ba a kwashe duka, gama akwai masu lambu da makiyaya a ƙasa da wurin ɗiba. A bar musu lita 20, a yi tsari a kan lita 100.

Zurfin gangare

Abin nufi a nan shi ne tazarar da ke tsakanin wurin da ruwa zai shiga bututu da wurin da inji zai zauna, in an auna ta a tsaye kamar zurfin rijiya. Tsawon hanyar da bututu zai bi a kan dutse wani abu ne dabam. Ana iya awon da tiyo mai nuna ruwan cikinsa, irin wanda magina ke daidaita gini da shi, ana sauka mataki-mataki ana tara jimla. A misalin nan zurfin ya kai mita 20, tsawon hanyar bututu kuwa mita 100.

Ga yadda ake lissafin ƙarfin wuta:

```
P = 9.81 × Q × H × e
```

P shi ne ƙarfin wuta a kilowat. Q yawan ruwa ne, inda lita 1,000 a sakan ke matsayin 1, don haka lita 100 ita ce 0.1. H zurfin gangare ne a mita. Shi kuwa e, rabon ƙarfin da ke tsira bayan asarar farfela da janareta. Ga ƙaramin inji 0.6 ƙiyasi ne na hankali. Sai dai H ɗin da za a sa ba mita 20 ba ne cif, domin ruwa na gogar jikin bututu yana tafe, gugar nan kuwa tana cinye wani ɓangare na gangaren.

Faɗin bututu

A nan ne akasarin tsare-tsare ke lalacewa, saboda bututu na cikin kayan da suka fi tsada, mai saye kuma yakan so ya rage. Injiniyoyi na lissafin asarar haka:

```
h = f × (L / D) × V² / 19.62
```

L tsawon bututu ne, D faɗinsa na ciki, duka a mita, V gudun ruwa a cikinsa, f kuwa ma'aunin kaushin bututu, wanda ga na roba mai santsi yake kusa da 0.015.

Bututu mai faɗin milimita 250 zai ɗauki lita 100 ɗin nan da gudun kamar mita 2 a sakan. Asararsa mita 1.3 ce, saura mita 18.7, wutar da za a samu kuma kilowat 11. In kowane gida zai sha wat 100 na fitilu da rediyo da fanka, wannan ya ishi gidaje kusan ɗari, har da asarar waya.

In aka ƙara faɗin zuwa milimita 300, asara ta koma rabin mita, wuta ta zama kilowat 11.5. Ƙarin bai taka kara ya karya ba, ga tsada. In aka rage zuwa 200, asara ta haura zuwa mita 3.9, wuta ta sauko kilowat 9.5. In kuwa aka ce sai an tura lita 100 ta cikin bututun milimita 150, mita 16 daga cikin 20 za su salwanta, a tashi da kilowat 2 da 'yan kai. Dalili shi ne, duk lokacin da aka raba faɗin bututu biyu, asarar takan ninka kamar sau 32. Araha ba ta ado. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada asara ta wuce kashi 10 cikin 100 na gangaren, kuma a misalin nan bututun milimita 250 ne ya cika ta ba tare da ɓarnar kuɗi ba. Gwiwoyi da bawul ma suna ƙara asara, don haka a miƙar da bututu gwargwadon hali.

Yadda ake gane matsala

Lalle a sa agogon auna matsin ruwa a ƙarshen bututu, dab da inji. In an rufe bawul, ya kamata ya nuna nauyin mita 20 na ruwa. In inji na aiki, kamar mita 18 da rabi. In ya sauko fiye da haka alhali ƙorama na da ruwa, to, ko ganye ya toshe ragar bakin bututu, ko yashi ya taru a ciki. In allurar na rawa, bututu na shan iska, watau bakinsa bai nutse sosai ba. Shi ya sa ake gina ɗan kwarmi kafin bakin bututu, inda ruwa zai lafa, yashi ya kwanta, gama yashi na cin farfela kamar yadda dutsen wasa ke cin wuƙa.

Haka kuma ba a rufe bawul farat ɗaya. Ruwan da ke cikin bututun nan ya kusa tan 5, kuma in an tare shi yana cikin gudu, bugunsa na iya fasa bututun daga ƙasa. A riƙa rufewa sannu a hankali.

Al'ummar da ke da irin wannan ƙorama sai ta rubuta awon kowane wata, na shekara guda aƙalla, ta kai wa injiniyoyin Hukumar Raya Kogin Neja ta Sama da ke nan Minna, ko na Jami'ar Fasaha ta Tarayya, su duba kafin a sayi bututu ko inji.

Allah ya ba da sa'a. Wassalam.