Asusun da ya yi barci har aka rufe shi: me ake iya ƙwatowa, me ya tafi ke nan?

 

Yau maganarmu a kan asusun imel ne, wanda da yawanmu muke ce ma kont. Zan tsaya a kan na Google, tunda kusan duk mai wayar Android a cikinmu yana da shi. A watan Mayu na 2023 Google ya sanar cewa duk asusun mutum da ya shekara 2 ba a taɓa shi ba, zai iya goge shi da duk abin da ke ciki: saƙonnin Gmail, takardun Drive, hotunan Google Photos. Ya ce gogewar za ta fara daga Disamba 2023. Dokar ba ta shafi asusun da makaranta ko ma'aikata ta buɗe wa mutum ba.

Mu ɗauki misali, don a gane. Ƙungiyar matasan wata unguwa a Damagaram ta buɗe Gmail a 2021. Sakatare ne ya buɗe, da lambar wayarsa. A ciki aka ajiye sunayen mambobi, hotunan aikin gayya, da kwafin takardar izinin ƙungiya. A watan Maris na 2023 sakataren ya tafi neman kuɗi, ya bar layinsa ya mutu. Ba wanda ya sake shiga. Daga Maris 2025 asusun ya cika shekara 2 yana barci. Yanzu wata ƙungiya mai ba da tallafi ta ce a turo mata rahoton ayyukan baya, sai aka tuna da shi. To ina aka dosa?

Abu na farko, kar a yi gaggawar cewa an goge. A rubuta adireshin a shafin shiga na Google. In ya tambayi kalmar sirri, asusun yana nan da ransa, matsalar ta mabuɗi ce kawai. In ya ce bai sami asusun ba, ko ya ce an goge shi, kuma kun tabbata ba ku yi kuskuren harafi ba, to labari ya canja.

In yana da rai, a tafi g.co/recover. Google zai nemi kalmar sirri ta ƙarshe da ake tunawa, ya tura lambar tabbatarwa zuwa wayar ko imel ɗin da aka ajiye don ceto. A gwada daga wayar da aka saba shiga da ita, a kuma wurin da aka saba, don yana duba wannan. Nan ne ƙungiyarmu za ta ci karo da bango: lambar ceton ta sakatare ce, layin kuma ya mutu. Kamfanonin waya suna sake sayar da layin da ya daɗe ba ya aiki, ke nan lambar tabbatarwarku tana iya faɗawa wayar wani baƙo a Tahoua. Don haka a nemo sakataren tun da wuri. Ko tsohuwar wayarsa tana nan? Ko ya tuna kalmar sirrin? Ko layin bai shiga hannun wani ba, a je ofishin kamfanin da katin shaidarsa a farfaɗo da shi? Da zarar an samu shiga sau ɗaya, lissafin shekara 2 ya koma farko.

In kuwa an riga an goge, a gwada wannan shafin na ceto duk da haka, a ranar, ba gobe ba. Asusun da bai daɗe da gogewa ba wani lokaci yakan dawo. Wanda ya daɗe, babu wani ofishi da za ka je ka yi kuka a dawo ma da shi. Kuma ku kula: duk wanda ya ce ka turo masa kuɗi ko lambar da aka aiko ma ta waya zai fiddo ma asusun, ɗan damfara ne.

Sai maganar suna. Wani zai ce, to tunda an goge, bari in sake buɗewa da sunan nan. Ba zai yiwu ba. Google ba ya sake ba kowa adireshin Gmail da aka goge, har da mai shi na farko. Ko ka ƙara ɗigo a tsakiyar sunan ba za ka tsira ba, domin Gmail ba ya ƙirga ɗigo, duk suna ɗaya yake gani. Akwai dalili. A 2013 Yahoo ya sake raba sunayen da suka shekara ba a amfani da su, sai waɗanda suka karɓa suka riƙa samun saƙonnin da aka aiko wa masu sunan na da. Ka yi tunani: da wani zai ɗauki tsohon adireshin ƙungiyarku, da shi zai riƙa karɓar saƙon canja kalmar sirrin shafinku na Facebook. Rufe sunan har abada yana da ciwo, amma kariya ce gare ku.

Abin yi shi ne a buɗe sabo mai kama da shi, a sanar da jama'a a fili cewa tsohon ya mutu. Sannan a bi duk wuraren da aka yi rajista da tsohon adireshin, a canja shi tun ana ciki. In shafin Facebook na ƙungiya yana buɗe a wayar wani, yau ɗin nan a sa sabon imel da sabuwar lamba, kafin wayar ta lalace.

Bayanan fa? Abin da ke cikin asusun ya tafi, amma ba duka ya ɓace daga duniya ba. Duk saƙon da kuka taɓa turawa yana nan a akwatin wanda ya karɓa, tare da takardar da aka liƙa masa. Hotunan gayya suna wayoyin mambobi da cikin gurup na WhatsApp. Takardar izini tana da asali a hannun hukumar da ta bayar. Abin da ba zai taimaka ba shi ne mahaɗar Drive da aka taɓa raba muku: in mai takardar ya mutu, takardar ta bi shi, sai dai in wani ya sauke kwafi. Ƙungiyarmu za ta iya haɗa rahotonta haka, gutsure-gutsure, amma sunayen mambobin da ke Drive kaɗai sai an sake bin gida-gida.

Google yana aiko gargaɗi sau da yawa cikin watanni kafin ya goge, zuwa asusun kansa da imel ɗin ceto. In ba a sa imel ɗin ceto ba, gargaɗin yana faɗawa ɗakin da ba kowa. Kuma ku sani, asusu ake ƙirga wa aiki, ba waya ba. Kallon YouTube da asusunka na kullum ba ya raya na biyu da ka manta.

Saboda haka kafin mu tashi, kowa ya fiddo wayarsa. Ka shiga kowane asusu da kake da shi, ka buɗe saƙo ko da ɗaya. Ka duba lamba da imel na ceto a myaccount.google.com, ka tabbata suna hannunka. In na ƙungiya ne, lambar ta zama ta mutum ɗaya, imel ɗin ceto na wani daban. Ranar da kuka samu rezo mai ƙarfi, ku sauke kwafin komai daga takeout.google.com ku ajiye a wuri biyu. Kuma ranar da aka canja sakatare, a miƙa kalmar sirri tare da hatimi da littafin kuɗi, a canja lambar ceto a gaban kowa.

Wanda yake da tsohon asusu da ya kasa shiga, ya tsaya bayan taro mu gwada tare.