Maƙogwaron Baba Ya Bushe: A Fara Zazzage Jakar Magani

Shirin na yau na 'ya'ya ne da jikoki da surukai masu jinyar tsoho a gida, musamman idan tsohon ya fara cewa, "Wuyana kamar an zuba yashi," ko "Yawu ya ƙafe mini, tuwo ba ya wucewa." Abin da aka saba yi shi ne a aiki yaro kyamis ya sayo maganin mura da kafso. Sau da yawa kuwa babu mura, babu wata ƙwayar cuta. Maƙogwaron bushewa ya yi, kuma dalilin yana cikin gidan: ko a jakar magungunan tsohon, ko a kofin ruwan da ke wuni a gefensa bai taɓa ba.

Mutum mai lafiya yana fitar da yawu kimanin rabin lita zuwa lita ɗaya da rabi a rana. Yawun nan ne ke jiƙa lomar tuwo ta sulale, shi ke wanke baki, shi ke rage ƙarfin ƙwayoyin da ke cin haƙori. Idan ya ragu, fatar cikin maƙogwaro tana bushewa, ta yi kaushi, haɗiya ta koma da zafi, murya ta shaƙe. Tsufa kuma yana zuwa da wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: ƙishirwa tana dusashewa. Jikin ɗan shekara 75 yana iya buƙatar ruwa sosai amma bai ji ƙishi ba. Saboda haka idan aka ce, "Baba, a kawo ruwa?" ya ce, "A'a, ba na jin ƙishirwa," gaskiya ya faɗa, sai dai ba amsar da za a dogara da ita ba ce.

Mu ɗauki misalin da ma'aikatan asibiti ke yawan cin karo da irinsa. Dattijo ne mai hawan jini, likita ya ɗora shi a kan moduretik, ɗaya daga cikin magungunan da ke sa fitsari, ƙwaya ɗaya a rana. Ɗansa ne ke riƙe da maganin, shi kuma ba ya dawowa daga kasuwa sai bayan isha'i, don haka da dare ake ba shi. Cikin dare tsohon zai tashi fitsari sau uku, sau huɗu, ga sanyin hunturu, ga banɗaki a can ƙuryar tsakar gida, ga tsoron faɗuwa. Sai ya yi wa kansa dabara: daga azahar ya daina shan ruwa. Da rana ma yana taƙaitawa don alwalarsa ta kai shi daga wannan salla zuwa waccan. Goro dai yana bakinsa.

Bayan mako biyu maƙogwaro ya fara kaikayi da zafi, ga ɗan tari busasshe. Aka ce mura ce, aka sayo firiton. A nan ne lamarin ya ƙara dagulewa, domin firiton yana cikin magungunan da ke toshe saƙon da jijiya ke kai wa masana'antar yawu. Da irin wannan aikin ne yake tsayar da majina, kuma da shi yake ƙafar da baki. Ga tsohon da fitsari ya riga ya fara yi masa wuyar fita saboda kumburin tsokar da ke ƙarƙashin mafitsara irin na dattawa maza, firiton yana iya ƙara riƙe fitsarin, yana kuma sa jiri da magagi. Wato an sayo maganin maƙogwaro, an ƙara busar da maƙogwaro.

Gyaran wannan gida bai ci ko kwabo ba. Ɗan ya kwashe duk abin da mahaifinsa ke sha, na asibiti da na kyamis da ƙullin na gargajiya, ya zuba a leda ya kai wa likita. Likita ya ce a bar firiton, a mayar da maganin fitsarin safe bayan karin kumallo, domin yawan fitsarin ya faɗo da rana. Da tashin dare ya ragu, tsohon ya daina tsoron ruwa.

A lura da kyau, ba ɗan ne ya tsayar da maganin hawan jinin ba. Wannan kuskure ne da wasu ke yi da zarar sun ji cewa magani ne ke busar da baki, kuma sakamakonsa yana iya zama shanyewar ɓarin jiki. Aikin ɗa ko 'ya shi ne ya tuna: yaushe bushewar ta fara, wane sabon magani aka ƙara a wannan lokacin? Sauya lokaci, rage yawa ko canza magani aikin likita ne. Bayan firiton da masu sa fitsari irin su lasis, akwai amitiriftilin da ake ba wa masu zogin ƙafa ko rashin barci, da baskofan na ciwon ciki, da aldomet, da taramol. Lisinofiril kuma nasa daban ne: kaikayin wuya yake kawowa da busasshen tari mai naci, wanda ruwa ba ya kashewa, sai likita ya sauya shi da wani.

To, ruwa nawa? Masana abincin tsofaffi sun ba da ma'aunin aƙalla lita 1.6 na abin sha a rana ga mace, lita 2 ga namiji. Ledar fiya wata rabin lita ce, wato kimanin leda uku da ɗoriya ga Inna, leda huɗu ga Baba, kuma a ƙara idan bazara ta kankama ko ana zazzaɓi ko gudawa. Koko da kunu da fura da romo duk suna shiga lissafi, kankana ma tana taimakawa.

Amma tsoho ba zai zauna ya shanye moɗa guda ba, kuma tilasta shi faɗa kawai zai jawo. Abin da ke aiki shi ne a ɗaure ruwan da abin da ya riga ya saba. Kofi ɗaya bayan asuba, cikakken kofi tare da maganin safe maimakon kurɓi ɗaya, kofi da hantsi, kofi bayan sallar azahar, kofi bayan la'asar. A ba shi bayan ya idar da salla, ba gab da ita ba, sai maganar alwala ta kau. Daga magariba a sassauta, a bar kurɓi kawai na jiƙa baki, a ajiye fo ko gwangwani kusa da gado don kada tsoron tafiya banɗaki ya dawo. Kuma kada a tambaya. Jikanya ta kawo kofin ta durƙusa ta ce, "Kaka, ga ruwa, bismilla," ta tsaya har ya sha. Tsohon da zai ƙi ɗansa da wuya ya ƙi jikarsa. A cika jarka guda ta lita biyu da safe, duk abin da za a ba shi a ɗiba daga ciki. Da yamma abin da ya rage shi zai faɗi gaskiya.

Akwai waɗanda wannan lissafi bai shafa ba. Tsohon da ke da ciwon zuciya mai kumbura ƙafa, ko ciwon ƙoda, wanda likita ya ƙayyade masa ruwa, ba a ƙara masa ko kofi ɗaya sai da izinin likitan. Shi sai dai ya kurkure baki ya tofar, ko ya tsotsi ɗan ƙaramin ƙanƙara.

Fitsari yana iya ba da alamar ko ruwan ya isa. Idan ya yi fari-fari mai ɗan ruwan ɗorawa, an kama hanya. Idan ya yi ja kamar shayi, ya yi kaɗan, ya yi wari, jiki na neman ruwa. A duba harshe ko ya bushe ya tsattsage, a taɓa hammata ko babu danshi ko kaɗan. Jan fatar bayan hannu da ake yi wa yara ba ya nuna komai a jikin tsoho, don fatarsa dama ta saki. Idan kuma tsohon da ke cikin hayyacinsa jiya ya wayi gari yana sambatu, ko ya miƙe jiri ya ɗebe shi, ko ya wuni bai yi fitsari ba, wannan ba na gida ba ne, asibiti za a nufa a ranar.

Ga maƙogwaron kansa, a zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwa mai ɗumi ya yi gargara ya tofar, sau uku a rana, in dai ba mai yawan sarƙewa ba ne. Cokalin zuma a ruwan ɗumi yana sanyaya wuya, amma mai ciwon sukari ya tambaya tukuna. A nan ɗakin girkinmu ya yi mana gata: miyar kuka da kuɓewa da karkashi, yauƙinsu yana yi wa loma aikin da yawu ya kasa. A sassauta tuwon, a rage yaji, a ɗaga wa ƙuli-ƙuli da kilishi da busasshen burodi ƙafa na ɗan lokaci. Alawar da ake wuni ana tsotsa tana jawo yawu, amma sukarinta a busasshen baki yana cinye sauran haƙoran da suka rage. Cingam marar sukari ya fi. A shafa man kaɗanya a leɓe. Da hunturu a shanya jiƙaƙƙen tawul a ɗakin, a kuma nisanta kaskon wuta da hayaƙin turare daga inda yake kwana.

Abu biyu ne kada a yi. Kafso ba ya jiƙa maƙogwaro, kuma yawan shansa yana buɗe ƙofa ga wata cuta da dama take son busasshen baki: farin abu kamar kindirmo a harshe da cikin kumatu, wanda idan aka goge sai wurin ya yi ja yana zafi. Wannan maganinsa daban ne, ma'aikacin lafiya ne zai duba ya rubuta. Na biyu kuma, kada a kira wanzami a ce beli ne ya sauko. Yanke shi a bakin tsoho, wanda wataƙila yana shan asfirin ko yana da sukari, yana iya jawo zubar jinin da ba ya tsayawa ko ruɓewar wurin.

Idan an gyara lokacin magani, an kai ruwa ma'auni, amma bayan mako guda babu sauƙi, a koma asibiti. Tsohon da ke shan ruwa da yawa, yana fitsari da yawa, bakin kuma a bushe, a auna sukarinsa, domin haka ciwon yake fara bayyana. Shaƙewar murya da ta wuce mako uku, abinci da ke maƙalewa, rama, ƙululu a wuya, ko jini a kaki, duk suna buƙatar likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Tarin da ya kai mako biyu, a yi gwajin tarin fuka, kyauta ne a asibitocin gwamnati. Wanda kuma ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki yana sarƙewa duk lokacin da ya kurɓi ruwa, a zaunar da shi a miƙe sosai, a ba shi abu mai kauri kamar kunu da cokali, a kai shi a duba haɗiyarsa kafin ruwan ya fara sauka a huhu.