Jawabi Kan Takardar Shaidar Hali Ta 'Yan Sanda

Ranka ya daɗe Sarkin Hausawa, malamanmu, iyayenmu, 'yan'uwa mazauna Sabo.

An ce mu yi bayani kan takardar da ake nema wurin mai tafiya aiki ko zama a ƙasar waje, wadda ke shaida cewa 'yan sanda ba su da sunan mutum cikin littafin masu laifi. Sunanta a rubuce Police Character Certificate. A da sai mutum ya tafi Alagbon a Ikko. Yanzu a shafin 'yan sanda na POSSAP ake fara cika fom, a biya kuɗi, sannan a je inda za a ɗauki zanen yatsu. A tanadi lambar NIN da fasfo da hoto.

To jama'a, inda muka fi tuntuɓe shi ne suna. Mu Hausawa, mutum ɗaya a nan Muhammadu ne, a can Mamman, wani wurin kuma sunan garinsu ya liƙa a ƙarshe. Abin da ke cikin fasfo shi za a kwafa, harafi da harafi, domin da fasfo ofishin jakadanci zai gwada takardar.

Sai gurbin dalili da na ƙasar da za a je. Wani yaronmu direba ya samu aiki a Katar. Mai shagon kwamfuta ya cika masa fom cikin gaggawa, ya sa dalili yawon buɗe ido, ƙasa kuma ya sa Saudiyya, wai ai duk Larabawa ne. Takarda ta fito, kamfanin ya ce ba tasu ba ce. Haka ya sake biya, ya sake dangwala yatsu. In aiki za ka, a rubuta aiki. In ba ka karanta boko, ka sa a karanta maka kafin a aika.

Batun yatsu kuwa, duka goma ake ɗauka, kuma ba a aike, sai mai su ya je da kansa. Masu wankin goro da leburorin siminti, zanensu kan shafe, na'ura ta yi ta ƙi. A huta da aikin 'yan kwanaki, a riƙa shafa mai da dare, ranar zuwa a wanke hannu a goge. Iyayenmu mata, don Allah a dakata da lalle.

Kada kuma a yi gaggawar karɓa. Wata uku ne wa'adinta, wasu ƙasashen kuma sai Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja ta buga mata hatimi, wannan ma yana cin kwanaki. A bari sai an ji ranar miƙa takardun biza.

Mai tambaya ya same mu bayan La'asar. Wassalamu alaikum.