Kwalli a Idon Jariri: Gubar Dalma da Cutar da Ke Bin Tsinke



Gabatarwa

Wannan takarda za ta duba kwallin dutse, wanda ake niƙawa a zuba a tandu, a rambaɗa wa amarya da jariri. Dutsen nan mai ƙyalƙyali galibi ma'adinin galena ne, wato dalma haɗe da farar wuta.

Abin da ya faru a Boston

A shekarar 2011, likitoci a birnin Boston na Amurka sun auna jinin wani yaro ɗan wata 6, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne. Suka tarar da dalma maikirogiram 13 a kowace desilita, alhali hukumar CDC ta ƙasar tana ɗaukar 3.5 a yau a matsayin adadin da ke buƙatar bincike. Yaron bai nuna alamar ciwo ba. Aka bincika gidan, ba a ga tsohon fenti mai dalma ba, sai aka koma kan kwallin da ake saka masa sau uku zuwa huɗu a mako tun yana ɗan mako biyu. An sayo shi ne a Ilorin, kuma da aka gwada, kashi 82.6 cikin ɗari dalma ce. Da aka daina saka masa, sai adadin dalmar jininsa ya sauko zuwa 8.

Ta ina dalmar take shiga jiki? Jariri ya murza ido, ya kai hannu baki, shi ke nan. Hawaye ma kan kwashi garin ya bi 'yar kafar da ke lungun ido zuwa hanci, ya gangara maƙogwaro. Cikin yaro ya fi na babba tsotsar dalma, ita kuma ƙwaƙwalwa da jini take taɓawa: jinkirin magana, raunin fahimta, ƙarancin jini. Gwajin jini kaɗai ke tona ta.

Tsinke ɗaya, idanu goma

Matsala ta biyu ta tsafta ce. A gidan biki, tsinken kwalli ɗaya kan zagaya ƙawayen amarya kaf, wata ma ta jiƙa shi da yawu don ya kama. Idan guda tana da apolo, ta raba wa saura. Garin da ake dannawa a bakin fatar ido kuma yana toshe ƙofofin maiƙon da ke hana ido bushewa, har hazbiya ta fito. Jan ido, ƙaiƙayi, ko kwantsar da ke manne ido da safe, duk alamu ne na a dakata. Idan ciwo ya haɗu da gudun haske ko dishi-dishi, asibiti za a nufa a ranar.

Kammalawa

Takardar tana roƙon ungozomai da ma'aikatan awo su riƙa tambayar uwa ko tana saka wa jaririnta kwalli, su kuma ba ta shawarar dainawa. Kowace mace ta riƙe tsinkenta ita kaɗai, ta wanke idonta kafin ta kwanta.