Yadda Ƙoda Ke Tace Jini Ta Samar da Fitsari

Abin da nake so mu tabbatar yau shi ne, aikin ƙoda mafi girma ba zubarwa ba ne, mayarwa ne. Ku dubi manomi idan zai share rumbu. Ba ya shiga ya bi ƙwari ɗaya bayan ɗaya. Kwaso komai yake yi waje, ya mayar da hatsi mai kyau, ya bar datti a ƙasa.

Kowace ƙoda tana da ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya, ana kiran kowace nefuron. A bakinta akwai dunƙulen siraran jijiyoyi, inda ƙarfin bugun jini ke tura ruwa, gishiri, sukari da yuriya zuwa cikin wani siririn bututu. Ƙwayoyin jini da furotin sun fi ƙarfin ƙofar, sai su tsaya cikin jini. Ruwan da ke fita haka ya kai lita 180 a yini, amma fitsari bai fi lita ɗaya da rabi ba. Sauran duk bututun ne ke mayar da shi jini, tare da sukari baki ɗaya da yawancin gishiri, sannan ya ƙara turo wasu magunguna cikin abin da ya rage. A 1924 masu bincike Wearn da Richards suka zuƙo ruwan bakin matatar daga ƙodar kwaɗo, suka sami sukari a ciki, alhali babu shi a fitsarin mafitsara. Ke nan a hanya aka mayar da shi.

Wani zai ce wannan ɓarnar ƙarfi ce: me ya sa za a fitar da lita 180 don a zubar da ɗaya da rabi? Amsar ita ce, ta haka jiki ba ya bukatar sanin kowace guba. Ya ishe shi ya san abin da yake so. Duk ƙaramin abin da bututun bai mayar ba, ya tafi.

A ɗakin marasa lafiya, fitsari ne zai gaya muku inda aka samu matsala. Furotin a fitsarin mai ciki, haɗe da hawan jini, alama ce ƙofar ta lalace. Sukari yana bayyana idan na jini ya haura kimanin miligiram 180 a desilita, domin ya fi abin da bututun zai iya mayarwa. Sai kuma mai amai da gudawa mai nauyin kilo 60. Mafi ƙarancin fitsarin da ake so shi ne rabin mililita kan kowane kilo a awa, wato mililita 30. Idan ya yi awa 6 bai kai 180 ba, jinin da ke isa ƙoda ya ragu. Ku auna, ku rubuta, ku sanar da likita nan take, domin ƙarin ruwa da wuri yakan hana a kai shi wankin ƙoda a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.