Tambayar da Ba Ta Ɗora wa Kowa Laifi
Jawabin wani dattijon ƙungiya a taron cika shekara



An ba ni minti kaɗan, don haka zan tsaya kan abu guda: yadda za ka sake tambayar abokin ciniki abin da ya faɗa, ba tare da ya ji kamar kana cewa bai iya magana ba.

Bari in fara da abin da ya same ni. Wata shekara na sayi wake buhu 200 ta hannun wani dattijo a Maraɗi. Ya kira ni ya ce, "Alhaji, kuɗin dako ɗari da hamsin ne kowane buhu." Na buga lissafi a raina, na samu sefa 30,000. Da takarda ta zo, sai na ga 150,000.

Kun san inda gizo ke saƙa. Mutanen Nijar da dala suke ƙirga, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Ɗari da hamsin a bakinsa sefa 750 ke nan. Haka jaka: a wurinsu sefa 1,000 ce, a wurinmu tun dā naira 200. Bai yi ƙarya ba, bai kuma yi kwana-kwana ba. Ya yi magana daidai da kasuwarsu, ni kuma na ji daidai da tamu.

Sai na kira shi na ce, "Baba, me ya sa ba ka ce mini dala kake nufi ba?" Ya yi shiru. Can ya ce, "Shekara arba'in ina wannan sana'a, ba a taɓa ce mini na ɓoye lissafi ba." Na biya kuɗin, amma kakar da ta biyo baya wani ya saya wa wake, ba ni ba.

Ku dubi tambayar nan tawa. "Me ya sa" neman dalili ne, wanda ake neman dalili a wurinsa kuwa an riga an tuhume shi. "Ba ka ce ba" kuma hukunci ne da aka sa wa rigar tambaya. Cikin kalmomin nan babu mai neman adadi, alhali adadin nake bukata.

Da tun a kiran farko na ce, "Baba, don in rubuta daidai, sefa 750 ke nan kowane buhu, ko 150?" da an gama. Abu uku ke cikin wannan jimla. Na farko, na faɗi dalilin tambaya, kuma dalilin nawa ne: littafina nake cikawa. Na biyu, na maimaita abin da na fahimta da adadi da sunan kuɗin, ban ce ya sake bayani daga farko ba. Na uku, na ajiye masa amsa biyu ya ɗauki ɗaya. Kalma guda ta ishe shi, ba sai ya kare kansa ba.

Haka za ka yi da awo. Kada ka ce, "Wane irin buhu kuma?" Ka ce, "Hajiya, mai kilo 100 zan sa a ɗinka, ko mai 50?" Haka da wurin haɗuwa: "Direba ya jira a Magama, ko ya ƙetara Ɗan Isa?"

Sai dai a kiyaye, ladabi kada ya haɗiye tambayar. Wani don kunya sai ya ce, "To, yadda ka ce ɗin nan dai ko?" a amsa masa da "Ƙwarai", a rabu kowa da lissafinsa. In babu adadi a cikin tambayarka, ba ka tambayi komai ba. Kada kuma ka ɗora wa waya laifi alhali ka ji sarai, don zai maimaita maka "ɗari da hamsin" da ƙarfi, ka koma inda ka fito. Ka faɗi gaskiya: "Mu can da naira muka saba, ka taimake ni da ƙirgar dala."

Yaya za ka gane tambayarka ta yi ciwo? In amsa ta fara da "Ai na faɗa maka" ko da rantsuwa, mutum ya bar lissafi ya koma kare mutuncinsa. Kada ka ja. Ka ce, "Ka faɗa, ni ne nake son in tabbatar," sannan ka kawo adadin. In kuwa yaransa na tsaye a wurin, ka bari ku keɓe.

Ni dai sai da na taka har Maraɗi na ba dattijon nan haƙuri kafin muka koma ciniki. Allah Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya kai mu gida lafiya.