Maitosis da Mayosis: Teburin Gida Biyu Bai Isa Ba

Yau maganar bitar bayoloji za mu yi, a kan abubuwa biyun nan da ke rikita ɗalibai kusan kowace shekara, wato maitosis da mayosis. In da hali ka ɗauko biro da takarda, domin tare za mu zana teburin.

Na san yawancinmu mun taɓa zana shi. Ka ja layi a tsakiyar takarda, maitosis a hagu, mayosis a dama. Sel biyu a nan, sel huɗu a can. Wannan na girman jiki da warkewar rauni, wancan na samar da maniyyi da ƙwai. Duk gaskiya ne. Amma irin wannan tebur sakamako kawai yake faɗa maka, bai gaya maka abin da ya jawo shi ba. Shi ya sa da an canza fasalin tambaya a jarrabawa, ko an kawo zane an ce faɗi matakin da sel ɗin yake, sai kai ya kulle.

Shawarata ita ce ka yi wa teburin gida uku: maitosis, mayosis na ɗaya, mayosis na biyu. Dalili kuwa, mayosis rabuwa biyu ce a jere, kuma ta biyun ta fi kama da maitosis fiye da yadda ta yi kama da ta ɗaya. In ka cusa su gida guda, ka ɓoye wa kanka ainihin wurin da ruɗanin yake.

Kafin mu cike, mu daidaita kalmomi biyu. Sel ɗin jikin mutum yana da kuromosom 46, 23 daga uwa, 23 daga uba. Kowane na uwa yana da abokin tafiya daga uba, tsayinsu ɗaya, kuma halaye iri ɗaya suke kula da su, amma saƙon da ke cikinsu yana iya bambanta. Mu kira su takwarori. Sannan kafin sel ya fara rabuwa, kowane kuromosom yana kwafar kansa, kwafin biyu su zauna manne a wani ɗan ƙulli da ake kira santiromiya. Waɗannan su ne kuromatid, mu kira su 'yan biyu, don su sak suke. Ka riƙe wannan: ƙulli ake ƙirgawa. Muddin 'yan biyu suna manne, kuromosom ɗaya ne.

To, layin farko na teburin, tambaya ɗaya ce: su wa ake rabawa? A maitosis rubuta 'yan biyu. A mayosis na ɗaya rubuta takwarori. A mayosis na biyu, 'yan biyu kuma. Wannan layin shi ne uwar teburin, sauran duk daga shi suke fitowa.

Layi na biyu: yaya suke jeruwa a tsakiyar sel kafin a ja su? Wannan matakin shi ake kira metafes. Tunda takwarori za a raba a mayosis na ɗaya, dole su jeru bibbiyu, kowa da takwaransa. A sauran gidaje biyun kuwa, sahu ɗaya suke yi, ɗaya bayan ɗaya. Ka ga ba sai ka haddace ba, layin farko ya riga ya ba ka amsa.

Layi na uku na lissafi ne, kuma a nan ake gane wanda ya fahimta. Mu bi sel ɗin mutum. Ya kwafi kansa: kuromosom har yanzu 46 ne, kuromatid ne suka zama 92. In maitosis zai yi, za a ɓalle kowane ƙulli, 46 su yi nan, 46 su yi can. Sel biyu, kowanne da 46, lamba ba ta canza ba.

In kuma mayosis ne, 46 ɗin nan za su jeru a matsayin takwarori 23. A ja na wannan gefe, a ja na wancan, ba tare da an taɓa ƙulli ba. Kowane sel ya tashi da kuromosom 23, amma kowannensu da 'yan biyunsa, wato kuromatid 46. A nan lamba ta rabu gida biyu, tun a rabuwar farko. Daga nan babu wani sabon kwafi. A rabuwa ta biyu sai a ɓalle ƙulli, a samu sel huɗu, kowanne da 23. Saboda haka a layin nan za ka rubuta: 46 zuwa 46, sai 46 zuwa 23, sai 23 zuwa 23. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗalibi ya ɗauka a rabuwa ta biyu lamba take raguwa, don yana ƙirga kuromatid a madadin ƙulli.

Layi na huɗu: sababbin sel ɗin iri ɗaya ne? A maitosis e, tunda kwafi aka raba. A mayosis a'a, saboda dalili biyu, kuma duka a gida na tsakiya suke. Lokacin da takwarori suka manne da juna a farkon mayosis na ɗaya, suna musayar guntaye. Sannan wajen jeruwa, babu dokar da ta ce na uwa duk su tsaya gefe guda. Wannan na daga abin da ya sa 'yan uwa ɗaya uba ɗaya ba sa zama sak.

Yanzu mu gwada teburin da abin da ba mutum ba. Masara tana da kuromosom 20 a sel ɗin jikinta. A ce an ba ka zanen sel ɗinta, ka ga kuromosom 10 a sahu ɗaya a tsakiya, kowanne da 'yan biyu. Wane mataki ne? Sahu ɗaya ya cire mayosis na ɗaya. Saura biyu, kuma siffa ba za ta raba maka su ba, sai lamba. Da maitosis ne na sel ɗin jiki, 20 za ka gani. Tunda 10 ne, metafes ne na mayosis na biyu. Teburin gida biyu ba zai taɓa kai ka ga wannan amsar ba.

Abu biyu ka rubuta a ƙasan teburin, don tebur yana son nuna komai a gyare fiye da yadda yake. Na farko, "sel huɗu" daidai ne a wajen namiji, inda ake samun maniyyi huɗu. A wajen mace ƙwai ɗaya ne ke fitowa, sauran ƙananan sel ne da ke lalacewa. Na biyu, kada ka rubuta cewa maitosis kullum 2n zuwa 2n ne. A tsirrai, sel mai n shi ma yana yin maitosis. Abin da ya fi daidai shi ne: lamba ba ta canzawa.

Ga aikin gida. Albasa tana da 16. Ka kife teburinka, ka zana sabo da ka, ka fara da layin su wa ake rabawa, sannan ka cike lambobin gida ukun. In ka samu 16 zuwa 16, 16 zuwa 8, 8 zuwa 8, kuma kana iya faɗin dalili da bakinka, to ya zauna. In ka maƙale, kar ka sake karanta komai daga farko, koma layin farko kawai ka bi shi zuwa inda ka tsaya.

Nan za mu dakata. Allah Ya ba da sa'a, sai mun sake haɗuwa.